Hanyar da ta ratsa gonar maƙwabci: alfarma ce ko haƙƙi?

Rigimar hanya tsakanin maƙwabta a Saudiyya ba kasafai take tashi a sababbin unguwanni ba. Filayen da aka yanka bisa tsarin da baladiyya, wato hukumar gari, ta amince da shi, kowanne yana kallon titi. Inda ake samun matsala shi ne tsofaffin gidajen da ke kan duwatsun Makka, waɗanda sai ka bi matattakala ta ƙofar wani kafin ka kai naka, da gonaki da filayen istiraha, wato gidajen shaƙatawa, na bayan gari, irin na Jumum da gefen Madina da Ɗa'ifa. Waɗannan kuwa su ne wuraren da 'yan'uwanmu da dama ke gada, ko suke saye saboda sauƙin kuɗi. Sau da yawa sauƙin kuɗin nan yana da dalili, kuma dalilin shi ne hanya.

Dokar da ke magana a kan wannan ita ce Nizamul Mu'amalatil Madaniyya, wato dokar mu'amala tsakanin jama'a, wadda aka fitar da umarnin sarki mai lamba M/191 a shekarar 2023, ta fara aiki a watan Disamba na shekarar. Babin da ya shafe mu ya fara daga sashe na 699, inda aka bayyana haƙƙin irtifaƙi da cewa haƙƙi ne da aka ɗora a kan filin wani mutum don amfanin filin wani mutum dabam. A lura da kyau, fili ne ke bin fili haƙƙin. Idan gonarka tana da haƙƙin wucewa ta gonar maƙwabcinka, ko ya sayar, ko ya rasu magada suka karɓa, hanyar tana nan. Kai ma in ka sayar, wanda ya saya ya gaji hanyar ko da bai taɓa gaisawa da maƙwabcin ba. Ƙasar da hanyar ta bi ta kai kuma ba ta zama taka ba. Tana nan cikin sakkin maƙwabci, wato takardar mallakarsa, kai dai wucewa kawai gare ka.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Alƙaluman cikinsa na misali ne, don lissafi ya fito fili.

A ce mutum ya ga gona mai faɗin murabba'in mita 2,000 a wajen Jumum. Tsakaninta da titin gwamnati akwai wata gona, mita 40 a fuskar titi, mita 50 zuwa ciki. Wata hanyar mota da tayoyi suka daddaɓe ta taso daga kusurwar titi, ta ratsa gonar gaba a karkace, ta ɓulle a ƙofar gonar da ake sayarwa. Mai saye ya tambayi hanya, mai sayarwa ya ce, “Haba Alhaji, shekara ashirin muna bi ta nan, ba wanda ya taɓa ce mana kanzil.” Dillali ya gyaɗa kai. A nan ne ake yawan biyan kafin alƙalami, kuma a nan ne ya kamata a dakata.

Abin da mai sayarwa ya faɗa zai iya zama gaskiya tsantsa, amma bai amsa tambayar ba. Doka ta lissafa hanyoyi uku da ake samun wannan haƙƙi: ko doka da kanta ta ba da shi, ko mai fili ya ba da shi ta hanyar ciniki ko kyauta ko wasiyya, ko a gaje shi. Daɗewa ana bi ba ya cikin lissafin. Ta kuma faɗa ƙarara cewa haƙƙin wucewa ba ya tabbata da izinin da aka bayar don kara da kawar da kai. Tsoho mai gonar gaba ya ce wa abokinsa, “Ku riƙa bi ta nan, ai duk ɗaya ne,” wannan alfarma ce. Mai alfarma yana iya janye abinsa ranar da ya ga dama, kuma ko shi bai janye ba, 'ya'yansa ba su ɗauki alkawarin komai ba. Galibi ma ranar da aka ga baƙuwar fuska ce ake kafa shinge, domin karar da ake yi wa tsohon maƙwabci ake yi wa, ba wanda ya zo jiya ba.

Wannan ba ya nufin shekara ashirin ɗin banza ce. Malaman fiƙihu sun daɗe da cewa abin da aka tarar tun fil azal ana barinsa yadda yake, kuma daɗewar hanya tana iya zama alamar cewa asalinta haƙƙi ne. Amma alama aba ce da za ka je ka kare a gaban alƙali da shaidu, maƙwabci kuma ya kawo nasa shaidun da za su ce mahaifinsa alfarma ya yi. Wanda bai riga ya biya kuɗi ba, ba shi da dalilin sayen shari'a tare da gona.

Yaya ake gane wacce ce? A fara da sakkin gonar da ake sayarwa, a karanta wurin da aka rubuta iyakoki huɗu da tsawonsu: arewa, kudu, gabas, yamma. Idan ɗaya daga ciki ta ce titi, ko mashigi mai faɗin mita kaza, to akwai abin riƙewa. Idan duk huɗun sun ce mallakar wane, mallakar wane, gonar a kulle take a takarda komai kyan hanyar da ido ke gani. Daga nan a nemi ganin sakkin gonar gaba, don idan an taɓa ɗora mata haƙƙin wucewa, a can ne ya fi dacewa a same shi a rubuce. Maƙwabcin da ya ƙi nuna takardarsa, ko ya ce shi bai san da wata hanya ba, ya riga ya ba ka amsa. Sai a kawo ofishin awo mai lasisi ya auna wurin, ya fitar da kuruki, wato taswirar awon filin, a ɗora abin da ke ƙasa a kan abin da ke takarda. A tsofaffin sakkoki ana samun titin da aka ambata ya zama bango tun tuni, ko kuma ya kasance titi ne a takarda da ba a taɓa buɗewa ba.

Akwai kuma tambaya ɗaya da mutane ba sa yi, alhali tana iya warware komai: gonakin nan biyu, sun taɓa zama na mutum ɗaya? Doka ta ce idan mai filaye biyu ya yi wata hanya ko magudana da ake gani a fili tsakaninsu, sannan filayen suka koma hannun mutane dabam ba tare da an sauya yanayinsu ba, haƙƙin yana nan, sai fa in an yi yarjejeniya a kan akasin haka. Wannan ya fi shafar masu rabon gado. Uba ya gina gida biyu, na baya yana fita ta zauren na gaba ko ta lungun gefensa, ya rasu, aka raba. Ɗan da ya sami na gaba ba zai wayi gari ya toshe lungun don yanzu nasa ne ba. Sharuɗɗan dai su ne hanyar ta kasance a bayyane, kamar ƙofa ko daɓe ko matattakala, mai filayen ne ya yi ta lokacin duka suna hannunsa, kuma takardar rabo ko ta ciniki ba ta soke ta ba. Saboda haka a karanta takardar rabon gadon ita ma. Duk da wannan kariya, magada masu hankali suna sa a rubuta hanyar a takardar rabo da faɗinta, don jikoki ba za su tuna wanda ya yi daɓen ba.

To, a ce an bincika, ba a sami komai ba. Gonar ba ta taɓa titi, ba rubutu, gonakin ba su taɓa haɗuwa a hannu ɗaya ba. Ko a ce mutumin ya riga ya saya, ya je da safe ya tarar da waya a bakin hanya. Bai rasa komai da komai ba. Doka ta ba mai filin da ba ya haɗe da hanyar jama'a, ko wanda isa gare ta sai da kuɗi mai yawan gaske ko wahala babba, haƙƙin wucewa ta filin maƙwabci. Wannan ba baƙon hukunci ba ne ga wanda ya yi karatun zaure. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai labarin Dahhaku ɗan Khalifa, wanda ya so ya ratsa da magudanar ruwa ta gonar Muhammadu ɗan Maslama a Madina, shi kuma ya ƙi. Sayyidina Umar ya lallashe shi da cewa abin zai amfane shi kuma ba zai cuce shi ba, da ya dage, sai Umar ya yi rantsuwa cewa sai ruwan ya wuce ko da ta kan cikinsa ne. Sai dai haƙƙin da dokar yau ta bayar yana tafe da sharuɗɗa uku, kuma kowannensu yana rage abin da mai gonar baya yake zato zai samu: gwargwadon abin da aka saba, da biyan diyya ta adalci, da bi ta filin da cutarwar ta fi sauƙi, a wurin da ta fi sauƙi a cikinsa.

Sharaɗi na ƙarshe shi ya fi ba mutane mamaki, don haka mu tsaya a kansa. Mai gonar baya yana ganin hanyar da za a ba shi ita ce wadda aka saba bi. Mu auna ta. Ratsa gona mai 40 da 50 daga kusurwa zuwa kusurwa ya kai kusan mita 64. Idan faɗinta mita 4 ne, ta ci murabba'in mita 256, kuma ta raba gonar gida biyu masu kusurwa uku-uku, waɗanda ba su da daɗin noma, ba su da daɗin gini, bututun ban-ruwa ma sai ya tsallaka hanya. Idan kuwa aka bi jikin iyaka a miƙe, mita 50 ne sau 4, wato 200, sauran gonar kuma ta zauna a dunƙule. Duk wanda aka turo ya duba wurin zai karkata ga ta jikin iyaka, ko da hakan na nufin mai gonar baya ya sauya wa ƙofarsa wuri.

Kuma ba gonar gaba kaɗai za a duba ba. A ce ta gefen yamma akwai wani maƙwabci da mita 30 kawai ke raba ka da wani titi ta cikin filinsa, amma a nan rijiyarsa take, da dabino goma sha biyu masu 'ya'ya, da katangar bulo. Gajarta ba ita ce ma'auni ba. Mita 30 da za a sare dabino a rushe katanga ta fi mita 50 ta busasshiyar ƙasa ɓarna. Shi kuma mai gonar gaba, abin da zai fara cewa shi ne, “Ai yana da hanya ta baya.” In akwai wata hanya ta baya mai tsawon mita 600 da ta tsallaka kwari, wadda ruwa ke yankewa duk lokacin da aka yi ambaliya, sai an gina kwalbati kafin mota ta bi, to tambayar ita ce ko kuɗin da wahalar sun kai abin da doka ta kira mai yawan gaske. Idan gyaran zai ci abin da ya kusa kuɗin gonar kanta, hujjarka tana da ƙarfi. Idan kuwa zagaye ne kawai na minti biyar a kan hanya mai kyau, ba ka cikin waɗanda doka take nufi. Son gajeriyar hanya ba larura ba ne, kuma a ganinmu wannan daidai ne, don ƙasar mutum ba abar da za a taɓa ba ce saboda maƙwabci yana ƙyashin man mota.

Maganar faɗi ita ma tana jawo musu. Doka ba ta yanke mita kaza ba, ta ce gwargwadon abin da aka saba. Gidan da ke lungun da mota ba ta taɓa shiga ba, abin da aka saba a wurin hanyar ƙafa ce. Gona kuwa tana buƙatar motar ɗaukar kaya da tankar ruwa. Ƙaramar mota faɗinta bai kai mita 2 ba, babbar mota tana kai mita biyu da rabi, saboda haka mita 3 matsattsiya ce in akwai katanga hagu da dama, mita 4 kuma tana wadatarwa. Hadisin Abu Huraira da ke cikin Bukhari da Muslim ya ce idan aka yi saɓani a kan hanya a sanya ta zira'i bakwai, wanda ya haura mita 3 da kaɗan, kuma har yau dattawa masu sulhu suna kafa hujja da shi. Abin da ake mantawa shi ne bakin shiga. Tanka ba ta iya karya kwana daga ƙaramin titi zuwa mashigi mai mita 4 sai an ɗan buɗe kusurwar. In ba a sa wannan a awo ba, ranar farko direba zai taka shingen maƙwabci, rigima ta dawo sabuwa.

Sai diyya. A ce murabba'in mita a yankin riyal 300 ne. Murabba'in mita 200 ɗin nan, da sayenta za a yi, riyal 60,000 ke nan. Mai gonar gaba zai ce a ba shi wannan ko fiye. Mai gonar baya zai ce ai ba saye yake yi ba, ƙasar tana nan a sakkin mai ita, shi ma yana iya bi ta kai. Dukansu suna da gaskiya ta wani gefe. Abin da ake aunawa shi ne asarar da hanyar ta jawo wa gonar gaba: yankin da ba za a ƙara nomawa ko ginawa ba, shukar da za a cire, shingen da za a matsar, da raguwar darajar gonar a idon mai saye na gobe. Amfanin da mai gonar baya ya samu ba shi ne abin awo ba, ko da hanyar ta ninka darajar gonarsa. Hanya mafi sauƙi ita ce su biyun su amince da mai ƙiyasta kadara guda mai lasisin Taƙyim, hukumar da ke kula da masu wannan sana'a, su yarda tun kafin ya fara cewa abin da ya faɗa shi ke nan. A misalinmu, a ce sun daidaita a kan riyal 35,000 a biya sau ɗaya, mai gonar baya kuma ya ɗauki nauyin kafa sabon shinge. Biya sau ɗaya ya fi biyan shekara-shekara kwanciyar hankali, domin kuɗin shekara yana sa abin ya yi kama da haya, duk shekarar da aka makara kuma sai an ji magana.

Ga wanda bai saya ba tukuna, wannan lissafin makami ne na ciniki. Riyal 35,000 da kuɗin shinge da na gyaran hanya daga farashin gonar ya kamata su fita. Mafi kyau ma a sa wa mai sayarwa sharaɗi a rubuce cewa shi zai kammala maganar hanya da maƙwabcinsa kafin ranar ifragi, wato ranar da za a juya sakki zuwa sunan mai saye, in bai yi ba a dawo da kafin alƙalami. Shi ne yake da tsohuwar kara da maƙwabcin, shi zai fi samun sauƙi.

Idan an daidaita, abin da ya rage shi ne rubutu, kuma a nan ne ake yin sakaci mafi tsada. Takardar da aka rubuta a majalisa bayan sallar isha'i, aka ce “wane ya yarda wane ya riƙa wucewa,” ta ambaci mutane biyu ne, ba ta ambaci filaye ba. Gobe wani zai ce izini ne aka ba mutum ɗaya, ya tafi da tafiyarsa. Rubutun da zai tsaya sai ya kawo lambar sakkin kowace gona, ya ce an ɗora haƙƙin wucewa a kan wannan don amfanin waccan, na dindindin ko na shekara kaza. Ya faɗi tsawo da faɗi da gefen da hanyar take, a haɗa da kurukin mai awo wanda ke ɗauke da lambobin kusurwoyi. Ya faɗi abin da zai bi ta kai, ƙafa ko ƙaramar mota ko babbar mota ko dabbobi. Ya faɗi diyya da cewa an karɓa. Idan gonar gaba ta magada ce da ba a raba ba, sa hannun babban wa shi kaɗai bai isa ba, sai dukansu ko wakili mai wakalar da ta ba shi wannan iko. Idan kuma tana jingine a banki, a nemi yardar bankin tun da wuri.

A sa maganar bututu da waya a ciki. Izinin wucewa da mota bai ƙunshi haƙa rami a binne bututun ruwa ko wayar lantarki ba, kuma gonar da ba ta taɓa titi ba ta nan ɗin dai ruwanta da wutarta za su biyo. Wanda ya manta da wannan zai koma ciniki karo na biyu, a lokacin da maƙwabci ya san ba shi da wata mafita.

Daga nan a kai rubutun inda hukuma za ta san da shi. A wuraren da har yanzu ake aiki da sakkokin ma'aikatar shari'a, a je wurin katibul adli, wato jami'in gwamnati mai rubuta sakkoki, ko mai tabbatar da takardu mai lasisi, a nemi haƙƙin ya fito a jikin sakki. A wuraren da aka shigar cikin sabon rajistan filaye, Sijillul Aƙari, abin ya fi tsanani. Dokar rajistan ta 2022, wadda aka fara aiwatarwa a unguwar Falah ta Riyad a 2023 kuma ake ta faɗaɗawa unguwa-unguwa, ta ce duk abin da ya ƙirƙiri haƙƙi a kan fili ko ya sauya shi ko ya kawar da shi bayan rajistan farko sai an rubuta shi a rajista kafin ya yi aiki a gaban kotu da hukuma. Saboda haka wanda yake da tsohuwar hanya ta filin maƙwabci, ya ji an yi shelar yankinsu, kada ya tsaya ga rajistan gonarsa kawai. Ya tabbatar hanyar ta fito a shafin gonar maƙwabcin, domin lokacin ƙorafi a kan rajistan farko yana da iyaka.

In sulhu ya ƙi, akwai dandalin Taradi na ma'aikatar shari'a, inda takardar sulhun da aka cimma take da ƙarfin zartarwa. In nan ma ya ƙi, sai a shigar da ƙara ta Najiz, shafin intanet na ma'aikatar shari'a, zuwa kotun da ake kira Mahkamatul Amma, wadda ita ke duba rigingimun filaye da haƙƙoƙin da ke rataye da su. A tafi da sakki da kuruki da hotunan wurin, a kuma sa ran za a turo masani ya duba. Abin da bai kamata ba shi ne a sa hannu a tsinke waya ko a ture shinge da mota. Ko kana da gaskiya a asalin magana, ka ba abokin shari'arka ƙarar ɓarna a kyauta.

Samun hanya ba shi ne ƙarshen zance ba, don zaman yau da gobe yana da nasa ƙa'idoji. Gyara da kula da hanyar a wuyan mai amfani da ita yake. Idan za a zuba tsakuwa mai kaurin santimita 15 a kan murabba'in mita 200 ɗin nan, ana buƙatar kubik mita 30, kuma mai gonar baya ne zai biya. Amma in mai gonar gaba shi ma yana amfana, ana raba kuɗin gwargwadon amfanin kowa. A ce aikin ya ci riyal 10,000, wato 200 a kowace mita ta tsawo, mai gonar gaba kuma yana bin mita 20 na farko zuwa rumbunsa kamar yadda na baya ke bi. Kuɗin wannan yanki 4,000 ne, kowa 2,000. Sauran mita 30 na mai gonar baya ne shi kaɗai, 6,000. Ya biya 8,000, maƙwabci ya biya 2,000. A kula da tudun da tsakuwar za ta yi. Hanyar da aka ɗaga sama da ƙasar gefenta takan tare ruwan sama ta mayar da shi cikin gonar wani, doka kuma ta hana mai filin gangare tare ruwan da ke saukowa da kansa daga tudu, ta hana mai tudu ƙara wa na gangare nauyi. Bututu ɗaya da aka binne a ƙarƙashin hanyar, a inda ruwa ya saba bi, yana kashe wannan magana.

Babbar ƙa'ida ga mai gonar baya ita ce kada ya ƙara wa maƙwabci nauyi fiye da abin da aka ɗora. Hanyar da aka bayar don gona, mota biyu ko uku a yini da tanka sau ɗaya a mako, ba ita ce hanyar istirahar haya ba, inda motoci arba'in za su shigo daren Alhamis don biki. Ajiye mota a kan hanyar, ko sauke bulo da yashi a bar su, shi ma ya wuce wucewa. Idan aka raba gonar baya tsakanin magada huɗu, kowane kaso yana da haƙƙin bi, amma ta wannan hanya guda, ba tare da an faɗaɗa ta ko an buɗe wata ba. Wanda ya san yana da niyyar gina istiraha ya faɗa tun ranar ciniki, ya biya diyyar da ta dace da ita.

Mai gonar gaba shi ma an ɗaure hannunsa. Ba zai rage faɗin hanyar ba, ba zai dasa itace a tsakiyarta ba, ba zai sa ƙofa ya riƙe makulli shi kaɗai ba. Ƙofa don tsare dabbobi ko kayan gona abu ne mai ma'ana, amma a rubuta ta a yarjejeniya, kowa da makullinsa. Yana da dama guda da ya kamata mai gonar baya ya sani: idan wurin da hanyar take ya zame masa nauyi fiye da da, ko ya hana shi wani gyara mai amfani, yana iya neman a matsar da ita zuwa wani wuri, muddin sabon wurin ya kai tsohon sauƙin bi. Nema zai yi, ta yarjejeniya ko ta kotu. Ba zai toshe tsohuwar da dare ya nuna maka sabuwa da safe ba.

Haƙƙin yana ƙarewa idan wa'adin da aka sa ya cika, ko gonakin biyu suka koma hannun mutum ɗaya, ko mai haƙƙin ya sauka daga kansa ya sanar da maƙwabci, ko amfaninsa ya gushe. Na ƙarshen nan ya fi faruwa a bayan gari, inda gine-gine ke matsowa kullum. Ranar da baladiyya ta buɗe sabon titi a jikin gonar baya, dalilin da ya sa aka ratsa gonar gaba ya kau, mai ita kuma yana da hujjar neman a sauke masa nauyin, a goge shi daga takarda. Saboda haka a ranar rubuta yarjejeniya a ƙara layi ɗaya da zai faɗi abin da za a yi in hakan ta faru: ko hanyar za ta ci gaba, ko za a rufe ta, da kuma ko wani abu daga cikin riyal 35,000 ɗin zai dawo.